Kuɗin Benci Ɗaya

Ƙanwata Afiniki ta yi ɓari sau biyu kafin wannan cikin na uku, kuma da kunnena na ji abin da nas ta faɗa mata a asibitin Kafanchan. Ta ce, "Madam, in kina son ki riƙe wannan ɗan a hannu, ko tulun ruwa kada ki ɗora a kanki." Ni na raka ta, ni na riƙe mata jaka, don haka babu wanda zai ce mini ba a faɗa ba.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta ke nan, 1976. Ko'ina ana ta gina azuzuwa, kuma kowane aji yana neman benci. Duk wanda ya taɓa riƙe guduma ya wayi gari kafinta. Mijin Afiniki, Meshak, shi kam kafinta ne na gaske, ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa yana da kyau. Wani ɗan kwangila mai farar mota ya same shi a ƙauyensu, ya ba shi aikin benci ɗari, irin mai haɗe da tebur wanda yara uku suke zama. Naira tara kowanne, a kai su makarantun wajen Kauru, kuma sai ɗarin sun cika za a biya shi, ban da ɗan kafin alƙalami da aka damƙa masa. Meshak ya dawo gida yana washe baki kamar gonar auduga.

Ni sunana Martina, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan tun kafin yaƙin basasa. Ran wata Asabar cikin damina na rufe rumfa na tafi ƙauye duba Afiniki, cikinta na wata shida. Na iske ƙofarta a rufe. Wata tsohuwa ta nuna mini hanyar kurmi da haɓa.

Kurmin gidansu Meshak yana can ƙasan kwari, bayan rafi, inda mota ba ta shiga. A can aka kayar da maɗaci, masu zarto biyu suna tsaga shi, ɗaya a kan gungumen, ɗaya a cikin rami. Ban ma kai wajensu ba na hango ta. Tana hawowa gangaren rafi, katako biyu ɗanyu a kanta, kowanne ƙafa goma sha biyu, ciki a gaba, jijiyoyin wuyanta duk sun miƙe. Na nufe ta da sauri.

Na ce, "Ke! Sauke! Sauke nan wurin kafin in ci mutuncinki!"

Ta ce, "Yaya, in na sauke a nan wa zai ɗora mini? Bari in kai gida."

Haka na bi ta a baya ina zage-zage har tsakar gida. Meshak yana ƙarƙashin mangwaro yana goge katako, fensir a bayan kunne. Ya ce, "A'a, Yaya, sannu da zuwa." Na ce ya riƙe sannunsa. Na faɗa masa magana son raina, wadda ta dace da wadda ba ta dace ba, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Shi dai bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi ai mata suna ɗaukar itace da doya da ciki tun zamanin kakanni, uwarsa a gona ta haife shi. Na ce uwarsa ba ta yi ɓari sau biyu ba. Nan ya sunkuyar da kai, sannan ya ce to ya ji, ran Litinin zai shigo gari ya nemi 'yan dako. Ya ce ai akwai riba a aikin, sama da naira uku a kowane benci, ba za ta gagara ba.

Ya cika alkawari kuwa. Ran Litinin da hantsi sai ga shi a rumfata, yana tambaya ko na san 'yan dakon da za su yarda su bi shi ƙauye. Na zuba masa abinci. A gefensa Oga Ignatius ne zaune, kafintan da yake da shago a bayan kasuwa. Inyamuri ne, a nan garin ya girma, ubansa ma'aikacin reluwe ne. Ya gudu lokacin rikici, ya dawo bayan yaƙi ya tarar ko guduma ba a bar masa ba, ya sake farawa daga ƙasa. Mutum ne da ba ya sayen ko ashana sai ya juya kwalin.

Da ya ji ana maganar benci sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Naira tara? Har Kauru? Ɗan'uwa, nawa benci ɗaya yake ci maka?"

Meshak ya ce, "Naira shida ba sule ɗaya." Ya lissafa da yatsu. Katako uku ke shiga benci, masu zarto suna karɓar sule takwas a kowanne, naira biyu da sule huɗu ke nan. Ƙusa da gam da fenti naira ɗaya. Kafintan da ya ɗauka yana taya shi, naira ɗaya da sule biyar a benci. Mota naira ɗaya.

Oga Ignatius ya miƙa hannu cikin murhuna ya zaro gawayi, ya fara zane a kan teburina. Na ce, "Oga, wa zai wanke?" Ko kallona bai yi ba.

Ya ce, "Katako uku ke shiga benci, na yarda. Nawa ake tsaga maka kafin ka samu ukun?"

Meshak ya ce, "Uku mana."

"Ɗanyen maɗaci, cikin damina? Babu wanda ya karkace da ya fara bushewa? Babu mai tsagewa a baki, babu mai farin gefe da ƙwaro zai ci?"

Meshak ya sosa ƙeya. Ya ce akwai, suna nan jibge a bayan ɗaki, Afiniki tana hura wuta da wasu. Da aka bi a hankali sai ya zama a cikin kowane huɗu, ɗaya ba ya moruwa.

"Kuma masu zarto sun yafe maka kuɗin wanda ya lalace?"

"Ina fa."

"To huɗu kake saya. Naira uku da sule biyu." Ya rubuta. Ya bar kuɗin ƙusa da na kafinta yadda suke. Ya zo kan maganar mota. Meshak ya ce da aka yi ciniki da rani direba ya ce naira ashirin, amma yanzu hanya ta ɓaci, talatin ya biya a kowane sawu, kuma benci ashirin motar take ɗauka. Sawu biyu ya riga ya yi.

"Naira ɗaya da sule biyar ke nan a benci. Tara duka." Ya ja layi. "Bakwai da sule biyu. Yanzu faɗa mini, ashirin da ka loda, ashirin aka karɓa?"

Nan fuskar Meshak ta canja. Ya ce a sawun farko biyu sun karye a hanya, don motar ta faɗa rami. A na biyu ɗaya ya karye, ɗaya kuma mai duba aiki ya ce yana rawa, ya ƙi shi. Ba a dawo da su ba, don dawo da su ma kuɗi ne.

Oga Ignatius ya ce, "Ka kashe kuɗin ashirin, an ƙirga maka goma sha takwas. Bakwai da sule biyu sau ashirin, ɗari da arba'in da huɗu. Raba wa goma sha takwas." Ya rubuta takwas, ya zagaye ta da gawayi. "Naira takwas cif. Ribarka naira ɗaya ce. Naira ukun nan babu ita."

Ni kaina sai da na zauna. Na san wannan lissafin a tukunyata, na san ƙanzo da wanda ya zube da wanda ya kwana duk a cikin kuɗin faranti suke, amma ban taɓa kawo shi kan katako ba.

Meshak ya ce, da wata irin murya, "To 'yan dako fa?"

"Daga kurmi zuwa gida, da hawan gangare? Ba mai ɗaukar maka katako ɗaya ƙasa da sule biyu da rabi. Huɗu, naira ɗaya. Takwas da sule biyu sau ashirin, ɗari da sittin da huɗu, a raba wa goma sha takwas." Ya motsa baki yana lissafi. "Tara da kobo goma sha ɗaya. Kuma ban sa guminka ba. Lebura ma naira biyu yake ci a wuni tun bayan ƙarin albashin Udoji, kai kuma wuni guda kake yi a kan benci. In na sa, ya haura sha ɗaya da sule uku. Ban sa maɗacin ubanku ba, wanda ka ɗauka kyauta ne don ba ka saya ba. Wa yake ɗauko maka katakon yanzu?"

Ni na amsa. Na ce, "Matarsa. Da ciki wata shida."

Oga Ignatius ya dube shi, ya dube ni, ya jefar da gawayin. Ya ce, "Ɗan'uwa, ji nan. Aikin nan ka riga ka faɗi tun ranar da ka sa hannu. Ba za ka iya bari ba, don in ka bari ba za a biya ka na baya ba. To ka ƙarasa shi da 'yan dako. Abin da ya rage maka sittin ne da 'yan kai, asarar ba za ta wuce naira bakwai ko takwas ba. Ka sha ta, ka ɗauka kuɗin makaranta ka biya. Ni na taɓa biyan wanda ya fi wannan."

Meshak yana ta kallon teburin. Can ya ɗora yatsa a kan takwas ɗin nan da aka zagaye, ya ce, "Wato nairar da ta rage mini, ta ɗaukar katakon ce."

"Ita ce."

"In na ɗauki 'yan dako, na yi wa mutumin nan aikin wata da watanni a banza, har da ciko daga aljihuna."

"Haka ne."

Ya tashi. Bai ƙarasa abincin ba, bai kuma sake tambayar 'yan dako ba. Na bi shi har bakin titi ina kiran sunansa, ya hau kekensa ya tafi. Mutumin da ya shigo gari da niyyar ɗaukar 'yan dako, don yana ganin yana da naira uku, ya koma ba ko ɗaya da ya gane naira ɗaya gare shi. Wayyo Allah, ranar na yi kuka a gaban masu cin abinci, ban ji kunya ba.

Kashegari na bar wa 'yata Regina rumfa na koma ƙauye, da kuɗi ƙulle a bakin zane. Na same su su biyu na ajiye a gabansu, na ce ga na 'yan dako, ba rance ba ne. Meshak ya ce shi ba a taɓa ciyar da gidansa da kuɗin gidan surukai ba, in aka ji a majami'a da wane ido zai dubi dattawa. Na ce idon nasa ya tsiyaye. Amma abin da ya kashe mini jiki Afiniki ce, don ita ta turo mini kuɗin da ƙafa.

Ta ce, "Yaya, ya faɗa mini lissafin duka. Ashe duk wahalar nan, abin da zai shigo gidan nan kuɗin dakona ne. Naira ɗari in an gama. Dubi rufin ɗakin nan. Kina so in haihu ruwa yana zuba a kan jariri? Da ita za mu sa kwano."

Na ce, "Ki fara samun jaririn tukuna, shashasha!"

Ta ce, "Ubangiji yana gani. Zan rage, ɗaya-ɗaya zan riƙa ɗauka."

Tun tana ƙarama haka take, in ta kafe ko jaki ya san da zamanta. Na je wajen fasto, ya ce zai yi addu'a, ya kuma yi. Na je wajen zumuntar mata, suka ce lokacin noma ne, kowa tana da nata, amma za su zo mata gayya ran Asabar. Sun zo sau ɗaya, Allah ya saka musu, sun kwashe abin da ke ƙasa. Masu zarto kuwa ba su daina ba, kowace safiya sabon katako yana jiran kai.

Sai na naɗa gammo na shiga layi. Ni da na bar ɗaukar kaya shekara ashirin, ga ƙiba, ga gwiwa. Ina ɗaukar biyu don ta ɗauki ɗaya, ina zaginta a hanya tana dariya, tana ce mini 'yar birni. In na ce ta zauna yau, sai ta ce to, ina juya baya in gan ta a bayana da katako. Na ɓoye gammonta, ta naɗa wani da tsohon zane. Meshak yana ƙarƙashin mangwaro daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ya rame, ba ya magana da kowa, in muka sauke kaya ba ya ɗaga kai. Ban ce mugu ne ba. Tsoro ne ya cika masa ciki, na kuma tsane shi a lokacin duk da haka.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Na ce kada wanda ya je kurmi, gangaren nan laka ce zalla. Na zaga bayan gida wanke kwanoni, na dawo ba ta nan. Na bi ta da gudu, zanena a hannu.

A tsakiyar gangaren na same ta. Ba ta ma yi wata mummunar faɗuwa ba, santsi ne ya kwashe ƙafarta ta zauna daɓas, katakon ya dannu a kafaɗarta. Tana zaune cikin laka ta riƙe mara, ta dube ni ta ce, "Yaya, ɗan ya motsa, ba komai." Sai na ga jini yana bin ƙafarta yana haɗuwa da ruwan gangare.

Na yi ihu har masu zarto suka hawo. Su suka ɗauke ta zuwa bakin hanya, Meshak yana biye ba takalmi, yana ta cewa Yesu, Yesu. Muka daɗe a bakin hanyar nan kafin wata motar citta ta tsaya. Kanta yana kan cinyata har Kafanchan, tana ta tambayata ko mun kusa.

Namiji ne. Ya zo da rai, ya yi ɗan kuka kamar na kyanwa, bai kai yamma ba. Nas ɗin nan dai ce ta fito da shi a naɗe, ta gane ni, ni kuwa ban iya duban idonta ba. Afiniki ta zubar da jini da yawa, sai da aka yi mata aiki. Likita ya kira ni da Meshak ya ce an ceci ranta, amma maganar haihuwa a manta da ita. Meshak ya jingina da bango ya sulale ƙasa.

Da aka sallame ta na ce gidana za ta zauna. Ta yi mako biyu, ba ta ci sai na tsaya a kanta, sannan ta ce a mai da ita ɗakinta. Na yi faɗa, na yi lallashi, a ƙarshe na ɗauki shatar mota na kai ta.

Mun isa da la'asar. Tsakar gida shiru, benci a jere a ƙarƙashin mangwaro an rufa musu ciyawa, saura kaɗan aikin ya cika. Kafintan da ke taya shi ya gudu, don an daina biyansa. Na shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, na zaunar da ita, na shiga hura wuta.

Ina cikin ɗaki na ji ta ce, "Yaya." A hankali ta faɗa, amma na fito da sauri.

Hanyar kurmi take kallo. Meshak ne yake tahowa, katako uku a kansa, ya naɗa rigarsa ya yi gammo da ita. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin magidanci a ƙauyen nan da kayan kurmi a ka ba, kuma duk haukan da na yi, da zuwa wajen fasto, da kuɗin da na ƙulla a zane, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ce masa ya ɗauka da kansa ba. Ko shi Oga Ignatius mai lissafi bai kawo wannan ba. Tafiya yake yi daidai, ba ya ko tangaɗi. Ya wuce mata biyu a bakin rijiya, ba wadda ta yi dariya.

Ya shigo, ya gan mu, ya tsaya da kayan a kansa.

Afiniki ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Yaya, ashe yana iyawa."